Muhammad a Takardar Shaida, Mohammed a Fasfo: Yadda Wata Nas Ta Gyara Sunanta Kafin Tantancewa

Asalin lamarin

Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin da nake aiki a ofishin kula da ma'aikata, a Kano. Ta gama makarantar koyon aikin jinya a 2018, ta samu rajista da lasisi daga Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, ta kuma yi shekara shida tana aiki a ɗakin masu haihuwa. A ƙarshen 2024 wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ya sa sunanta cikin waɗanda za a tura wani asibiti a Saudiyya.

Duk ma'aikacin lafiyar da zai yi aiki a can sai ya bi ta hannun hukumar Saudiyya mai kula da ƙwararrun lafiya, wadda ake buɗe asusu a shafinta mai suna Mumaris Plus. Kafin hukumar ta karɓi takardun mutum, sai kamfanin DataFlow ya tantance su daga tushe. Ma'anar haka ita ce kallon takardar da ka ɗora bai ishe su ba. Sukan tuntuɓi makarantar da ta bayar da ita, da majalisar da ta ba da lasisi, da wurin aikin da ya rubuta wasiƙar shaida, su tambaye su ko wannan takarda tasu ce, kuma ko wannan mutum suka ba. Mutumin da ake tambaya a kansa kuwa, fasfo ne ke nuna ko wane ne.

Sunan mahaifinta ne sunan da take amfani da shi a ƙarshe, kamar yadda muka saba. A takardun karatunta an rubuta shi Muhammad. A fasfonta an rubuta Mohammed. Harafi biyu ne suka bambanta. Ta shekara uku tana riƙe da fasfon, har ta yi Umara da shi, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa matsala ce ba.

Janairu 2025: ranar da aka gano

Ta kawo min takardunta ne don in taimaka mata da sikanin, in kuma rubuta mata wasiƙar shaidar aiki. Kamfanin ɗaukar ma'aikatan ya ba ta mako shida ta miƙa komai. Ina cikin jera takardun na ga bambancin, na nuna mata. Ta ce, "Malam, ai duk ɗaya ne, kowa ya san suna ɗaya ne." Na ce mata ni da ke mun sani, amma wanda zai duba takardun nan yana gwada harafi da harafi ne.

Maimakon mu yi ta gardama, sai muka ɗauko farar takarda muka ja layi uku: sunan takarda, wanda ya bayar da ita da shekarar, sai yadda aka rubuta sunan daidai-wa-daida. Takardu tara muka jera. Shida sun rubuta Muhammad: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, shaidar firamare, shaidar WAEC, shaidar makarantar jinya, shaidar rajistar majalisa, da lasisi. Biyu sun rubuta Mohammed: silif ɗin NIN da fasfo. Ta tara kuwa, takardar ɗaukarta aiki ce daga ofishinmu, inda aka taƙaita sunan aka rubuta Muh'd, irin yadda magatakarda suka saba yi tun da daɗewa.

Wannan jeri shi ya nuna mana inda ɓarakar ta faro. A farkon 2021, lokacin da aka yi ta tururuwar yin NIN saboda umarnin haɗa shi da layukan waya, ta je wata cibiyar rajista ta bi layi tun asuba. Yaron da ke kan kwamfuta ya tambayi sunanta da baki, ya buga yadda hannunsa ya saba. An ba ta silif, ta ninke ta sa a jaka. Da ta zo yin fasfo a 2022, sai aka ɗauko sunan daga NIN, domin fasfon Nijeriya na yanzu a kan bayanan NIN ake gina shi. Kenan kuskure ɗaya ne ya haifi na biyu.

Akwai wani bambanci na uku da ya fi tayar mata da hankali, alhali shi ne mafi sauƙi. Sunanta na yanka irin mai alhamza ne a tsakiya, kamar Asma'u ko Sa'adatu. A layuka biyun nan na ƙasan shafin fasfo, waɗanda na'ura ke karantawa, babu alhamzar. Wannan ba kuskure ba ne. Ƙa'idar fasfo ta duniya ce ta ce a jefar da irin wannan alama a layukan na'ura. Abin da muka fi kula da shi a layin shi ne farkonsa:

```
P<NGAMOHAMMED<<
```

Bayan harufan ƙasa guda uku, sunan da ya biyo shi ne wanda kowace na'ura a filin jirgi ko ofishin biza za ta ɗauka a matsayin sunanta na ƙarshe.

Fabrairu: rantsuwar farko, da zuwa makaranta

Shawarar da kowa ya ba ta ita ce ta je kotu ta yi afidabit. Ta je babbar kotu, ta samu masu buga takardu a bakin ƙofa, ta yi musu bayani a tsaitsaye. Suka ɗauko samfurin da ke kwamfutarsu na canjin suna, suka cike gurabe. Ta yi rantsuwa gaban kwamishinan rantsuwa, aka buga hatimi, duk cikin awa biyu.

Da ta kawo min na karanta, abin da takardar ke cewa shi ne a da ana kiranta da Muhammad, yanzu kuwa tana so a riƙa kiranta da Mohammed, kuma duk takardun baya suna nan daram. Wato ta rantse cewa ta bar sunan da ke kan takardu shida, ta koma wanda aka buga bisa kuskure. Da ta ci gaba a kan haka, sai ta nemi majalisa ta canza mata suna a rajista da lasisi, kuma duk da hakan shaidar makaranta da ta WAEC za su ci gaba da zama yadda suke. Allah ya taimaka ba ta riga ta buga sanarwar a jarida ba. Muka ajiye takardar a gefe, ba a ƙara amfani da ita ba.

Akwai abin da mutane da yawa ba su fahimta game da afidabit. Maganarka ce kai da kanka, wadda ka rantse a kanta. Ba ta goge harafi ko ɗaya a kundin makaranta, ko na majalisa, ko na hukumar fasfo. Amfaninta biyu ne: ko ta zama hujjar da za ka kai wa mai kundi don ya gyara, ko ta zama bayani ga mai duba takardu cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne.

Daga nan sai ta yi tunanin ko makaranta za ta sake buga mata shaida da rubutun fasfo, tunda a ganinta hakan ya fi sauri. Ta je ta samu magatakardan makarantar, dattijo ne da ya san ta tun tana ɗaliba. Ya sa aka ɗauko kundin shekararsu, ya buɗe, ya aza yatsa a kan sunanta. Ya ce, "'Yata, ga abin da kika shigo da shi, da shi muka yi miki rajista a majalisa, da shi kika rubuta jarrabawa. In na sake miki takarda da wani rubutu, gobe aka aiko ana tambaya, kundin nan zan buɗe. Me kike so in ce musu?" Ta ce, "Haka ne, Baba." Bai sake mata shaidar ba, amma ya yi mata alkawarin wasiƙa in ta tashi buƙata.

A makon nan ne kuma wani mai kafe ya ce zai gyara mata harufan biyu a hoton shaidar da aka yi sikanin, ba wanda zai gane. Ba ta yarda ba. Hoton da mutum ya ɗora shi ake aika wa makaranta ta gwada da kundinta. In aka ga an taɓa shi, maganar ta tashi daga bambancin rubutu ta koma takardar jabu, kuma irin wannan rahoto yana bin mutum.

Wa'adin mako shida ya cika a ƙarshen Fabrairu. Waɗanda aka sa sunansu tare suka miƙa takardunsu, ita ba ta miƙa ba.

Maris: ofishin fasfo, da komawa ga NIN

Da ta tabbata fasfon ne ya kamata a gyara, sai ta nufi ofishin fasfo kai tsaye da takardar haihuwa da shaidar WAEC. Jami'in ya saurare ta, ya duba kwamfuta, ya ce abin da ke NIN shi zai fito a fasfo, ko sau nawa aka sake buga shi. Ta fara gyara can tukuna. Wuni guda ya tafi, amma ta dawo da jerin abin da za a nema in lokaci ya yi: silif ɗin NIN da aka gyara, rantsuwar kotu, sanarwar jarida, wasiƙar neman gyara zuwa ga Kwanturola Janar na Hukumar Shige da Fice, tsohon fasfo, da takardun da ke goyon bayan rubutun da take so.

Kafin a sake komawa kotu sai da ta je gida ta yi wa mahaifinta bayani, domin sunansa ake magana a kai. Ta ba ni labarin yadda ya ɗauko wani tsohon akwatin ƙarfe, ya fiddo takardar haihuwarta ta asali a cikin leda, tare da katinsa na fansho. Duka Muhammad ne. Ya ce shi a Larabce ya san sunan, kuma rubutu ɗaya gare shi, amma tunda boko ya raba, ta bi wanda ya rubuta mata ranar da ya yi mata rajista. Ta ɗauki fotokwafin katin ta haɗa da takardunta.

Rantsuwa ta biyu mu muka tsara abin da za ta ƙunsa kafin a kai wa mai bugawa. Ta faɗi cikakken sunanta yadda yake daidai, da manyan harufa. Ta ambaci cewa a NIN da fasfo mai lamba kaza an rubuta Mohammed bisa kuskure lokacin rajista, a takardar ɗaukar aiki kuma an taƙaita shi Muh'd. Ta ce duka ukun sunanta ne ita ɗaya, ta kawo ranar haihuwarta, ta kuma ce rubutun da take riƙe da shi shi ne Muhammad. Ba a sa kalmar canjin suna ko sau ɗaya ba, gyara aka ce. Ta karanta takardar sau biyu a tsaye kafin ta shiga wurin rantsuwa, don masu bugawa ma sukan yi nasu kuskuren. An buga sanarwar a wata jaridar ƙasa da kalmomi iri ɗaya, ta sayi kwafi uku na ranar, ta ajiye cikakken shafin mai ɗauke da sunan jarida da kwanan wata, ba ta yanke ɗan gurbin kawai ba.

Gyaran NIN ta yi shi ne ta shafin da hukumar NIMC ta buɗe a 2024 don mutum ya nemi gyara da kansa. Ta ɗora rantsuwar da shafin jarida, ta biya kuɗi ta shafin, ta jira. Bayan kusan mako uku aka amince, ta sauke sabon silif. Lambar NIN ba ta canza ba, rubutun suna ne kawai.

Ni kuma a nawa ɓangaren na gyara abin da ke hannuna. Takardar ɗaukar aiki ta 2019 ba a sake ta, amma na rubuta wasiƙar shaidar aiki da cikakken suna, na sa a gyara sunan a fayil ɗinta da jerin ma'aikata, na kuma sanar da wanda ke amsa imel ɗin ofis. Dalili shi ne mai tantancewa zai iya bugo waya ko ya aiko da saƙo, kuma duk wanda ya amsa, abin da ya gani a fayil shi zai faɗa.

Afrilu zuwa Yuni: sabon fasfo

Kwana biyu da fitowar sabon silif ta shiga shafin neman fasfo. Shafin yana jawo suna ne daga NIN da zarar an sa lamba, kuma abin da ya fito mata tsohon rubutun ne. Nan ma akwai tarko: da ta ci gaba ta biya kuɗi, da fom ɗin ya tafi da kuskuren. Ta rufe shafin, ta riƙa gwadawa duk bayan kwana biyu ko uku. A rana ta goma Muhammad ya fito. Wannan shi ne gwajin da ya fi silif ɗin da ke hannu, domin yana nuna abin da ofishin fasfo yake gani.

Ta cike fom a matsayin mai neman gyaran bayani, ba mai sabunta fasfo ba. Kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara biyar naira 50,000 ne a lokacin, ban da abin da ake biya na gyaran. Daga 1 ga Satumba 2025 ya koma naira 100,000. Tsohon fasfonta yana da sauran shekara biyu, waɗannan sun tafi. An ɗauki hoto da zanen yatsu a farkon Mayu. Neman gyara ya fi sabuntawa ɗaukar lokaci saboda sai an amince da shi kafin a buga, nata ya ɗauki mako shida.

Ranar karɓa ba ta bar gaban tebur ba sai da ta gwada wurare uku da takardar haihuwarta: gurbin `Surname`, gurbin `Given names`, da layin na'ura na ƙasa. Lambar fasfon sabuwa ce. An soke tsohon aka mayar mata da shi, bizar Umararta tana ciki.

A wannan tsakanin ta koma wurin magatakardan makaranta ya cika alkawari. Wasiƙar a kan takardar makaranta take, mai hatimi, tana ɗauke da cikakken sunanta, lambarta ta ɗaliba, shekarar shiga da ta fita, da lambar shaidar da aka ba ta. Takardar majalisa mai shaida cewa ba ta da wani laifi a aiki kuwa, da gangan ta jinkirta nemanta sai da fasfo ya kusa fitowa, saboda takarda ce mai wa'adi, za ta iya tsufa ana jira.

Yuli: tantancewa

Sai a ƙarshen Yuni ta buɗe asusun Mumaris Plus da na DataFlow, duka da sabon fasfo. Ta buga sunan tana kallon shafin fasfon, ta sa hannu a takardar izinin tantancewa da irin sa hannun da ke fasfo. Ta ɗora shaidar makaranta, lasisi, da wasiƙar aiki. Rantsuwar kotu ma ta ɗora ta a matsayin ƙarin hujja saboda tsohuwar takardar da ke da Muh'd. Ta sanar da makaranta da ofishinmu cewa saƙo yana tafe. Namu ya zo a mako na biyu, muka amsa a ranar. Rahoton ya fito kafin ƙarshen Yuli, an tabbatar da takardun uku, ba a nemi ƙarin bayani kan suna ba. Da wannan sunan ta yi rajistar jarrabawar lasisi, inda ake gwada fasfo da sunan rajista a bakin ƙofa kafin a bar mutum ya shiga.

Daga ranar da aka gano zuwa fitowar rahoto wata shida ne da 'yan kwanaki. Gurbin farko ya wuce ta, kamfanin ya mayar da sunanta rukuni na gaba.

Abin da na gani a lamarin

A ganina abin da ya warware matsalar shi ne jerin nan da muka yi a ranar farko, sai dai ba mu yi aiki da shi nan take ba. Ya riga ya nuna cewa takardu shida mafi tsufa, waɗanda yawancinsu masu su ba sa sake bugawa, sun yi ittifaƙi, kuma biyun da suka saɓa daga tushe ɗaya suke, tushen da ke da hanyar gyara a hukumance. Da mun bi wannan tun Janairu, da rantsuwar farko da zuwa neman a sake shaida da zuwan farko ofishin fasfo duk ba su faru ba, kusan mako bakwai kenan. Ina da hannu a wannan jinkiri, domin na bar ta ta tafi kotu ba tare da na tambayi abin da za a rubuta ba.

Akwai tambayar da ita kanta ta yi min daga baya: da ta bar fasfon yadda yake, ta ɗora rantsuwar cewa mutum ɗaya ne tare da wasiƙar makaranta, da ba ta samu gurbin farko ba? Mai yiwuwa da ta samu, domin masu tantancewa suna karɓar takardar da ke bayanin bambancin suna, kuma Muhammad da Mohammed ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ke duba takardun Musulmi. Amma da sunan fasfon ne zai hau shaidar hukumar lafiya, da biza, da iƙama, yayin da shaidar karatu da lasisin gida ke ɗauke da ɗayan. Duk ranar da ta zo canza asibiti, ko ƙara karatu, ko neman aiki a wata ƙasa, sai ta sake fiddo rantsuwa ta jira hukuncin wanda ke kan tebur. Ga mai shekara talatin da ke farkon tafiya, na fi ganin dacewar abin da ta zaɓa. Wanda kuwa ke da biza mai rai a fasfonsa, ko takardar zama a wata ƙasa da aka yi da wannan rubutun, lissafinsa daban ne, don gyaran fasfo zai buɗe masa sabon saɓani da waɗancan takardu. Shi gara ya rubuta wa hukumar da za ta karɓi takardunsa ya tambaya, ya kuma ajiye amsar a rubuce.

Haka nan da a ce shaidar makarantar ce ta saɓa wa takardar haihuwa da WAEC da NIN, da hanyar ta juya. Sai a duba kundin makaranta: in kundin daidai yake, mai buga shaida ne ya yi kuskure, makaranta tana da dalilin gyarawa, in kuwa tun a kundin aka shigar da shi a karkace, galibi abin da za a samu shi ne wasiƙar magatakarda mai cewa mutum ɗaya ne, a haɗa da rantsuwa.

Har yanzu akwai abu ɗaya da ba ta gama ba. Layin wayarta da wani tsohon asusun banki da ta buɗe da silif ɗin 2021 suna ɗauke da Mohammed. Bankin ya nemi sabon silif da rantsuwa da shafin jarida, ta kai musu kwafi na biyu cikin ukun da ta saya. Na ukun yana cikin leda tare da tsohon fasfo, a jakar da za ta riƙe a hannu ranar tafiya.